Watan da rahoto bai zo ba: sifili za a sa ko lambar watan baya?

Auwal: Jama'a, wani ƙaramin asibiti a ƙaramar hukumarmu bai turo rahoton zazzaɓin cizon sauro na Agusta ba. Yuni 90, Yuli 150, Satumba 270. Ogana ya ce in zuba sifili, wai gurbi da sifili duk ɗaya ne. Haka ne?

Hajiya Rabi: Ina! Ba ɗaya ba ne, Auwal. In ka rubuta sifili, ka shaida cewa an buɗe asibiti wata guda cur ba a ga mai zazzaɓi ko ɗaya ba, a tsakiyar damina kuwa. Lissafa ka gani. Watanni ukun da ke hannunka sun haɗa 510, ka raba uku, 170 kenan a wata. Da ka sa sifili sai a raba huɗu, ya faɗo 127.5. Ko a Excel, `AVERAGE` tsallake gurbi yake yi, amma yana ƙirga sifili. Wanda zai ware magani da wannan lambar zai turo ƙasa da buƙata.

Musbahu: Ni lambar watan baya nake jawowa. A maimaita 150 a Agusta, a samu 165. Ai ya kusa 170, magana ta ƙare.

Hajiya Rabi: Matsakaicin ya kusa, amma dubi yadda zanen zai fito. Zai nuna cutar ta tsaya cik daga Yuli zuwa Agusta, sannan ta yi tsalle da 120 a wata ɗaya. Mai duba wannan zai ɗauka annoba ce ta ɓarke a Satumba, alhali wataƙila tun Yuli take hawa a hankali. Dabararka ta fi dacewa da abin da ba ya saurin canzawa, kamar yawan gadajen asibiti.

Alhaji Ɗanlami: To ni ranar Sallah shagona a kulle yake, sifili nake rubutawa. Kuskure nake yi kenan?

Musbahu: A'a Alhaji, naka sifilin gaske ne, ka san ba ka sayar da komai ba.

Zainab: Akwai wani tarko kuma. A DHIS2, manhajar da ake shigar da rahotannin asibitoci, in ba a saita a riƙa ajiye sifili ba, ko ma'aikaci ya shigar da shi, gurbi za ka tarar. Don haka Yaya Auwal, duba sauran rahoton Agustan. In awon ciki da rigakafi ma babu komai, rahoton ne bai iso ba. Ka kira su a buɗe rajista.

Auwal: In rajistar ma ba a cike ta ba fa? Jimillar shekara ake nema, kuma a jimilla gurbi da sifili lamba ɗaya suke bayarwa.

Hajiya Rabi: Nan kam ogan naka yana da gaskiya. Ni sai in ba da jimillar yadda take, in rubuta a gefe cewa ta watanni 11 ce.

Zainab: Hajiya, wa ke karanta rubutun gefe? Ni gara in sa 210, tsakanin Yuli da Satumba, in yi masa alamar ƙiyasi da jan launi.