Wace kalma za mu sa wa Tg na roba?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Ina koyar da yara a Tudun Wada, kuma kullum na zo kan Tg, wato glass transition temperature, zafin da roba ke fara sakin jiki, sai in ce "narkewa" alhali na san ba shi ba ne, abin na damuna wallahi. Gorar ruwa mai lamba 1 a gindi, wato PET, tana sakin jiki a wajen digiri 70, amma ba ta narkewa sai wajen 250. Wannan na farkon nake nema wa suna.

Maman Hanifa: Malam ashe shi ya sa, ranar nan na ɗura kunu da zafinsa a gorar ruwa sai ta motse ta karkace kamar an murɗe ta, amma jarkar da nake zuba ruwan zafi ko gezau.

Bashir Kakuri: To ai sunan daga gilas ya zo, a ce "zama gilas" kawai mana, tunda robar da ake ganin ciki ita ke yi.

Injiniya Ladi: Bashir ka kama rabi. Ba gani ta ciki ake nufi ba, tauri ne, in roba ta huce ƙasa da Tg zarurrukan cikinta sun sandare ba sa motsi. Jarkar Maman Hanifa HDPE ce, nata Tg ɗin yana can ƙasa da sifili nesa, ta riga ta wuce shi tun tana shago. Abin da ya riƙe ta shi ne fiye da rabin zaren ya jeru reras kamar ninkin atamfa, kuma wannan jerin ba ya warwarewa sai wajen digiri 130, nan ne narkewa ta gaskiya. Jerin ne kuma ke watsa haske shi ya sa jarka take fari-fari ko ba a sa mata kala ba.

Malam ka gwada wa yara, ka kara bakin gora inda murfi ke zama kusa da garwashi a hankali ba cikin wuta ba, zai fara yin laushi, can kuma sai ya yi fari kamar madara ya ƙara tauri. Ba ƙonewa ya yi ba, zaren ne ya samu sakewa ya jeru.

Malam Habu: Madalla Injiniya. To in ce "zafin laushi"?

Injiniya Ladi: Ni na fi son "matakin danƙo", don daga tauri take komawa danƙo ba ruwa ba. Jerin nan da zaren ke yi kuma a ce masa "jeruwar zare".

Bashir Kakuri: Jeruwar zare na yarda. Amma Aunty jarkar da kika ce ta wuce matakin ai ba ta yi danƙo ba, yaro zai rikice.

Malam Habu: Gaskiya ne fa. Ranar Litinin zan shiga aji da gora da jarka in faɗa musu duka biyun, in ji wanda ya zauna a bakinsu.