Jadawalin ginin ajujuwanmu ya ba ni kwana 134, alhali kwana 90 gare mu

Sakataren Kwamiti: Assalamu alaikum jama'a. Ni ne sakataren kwamitin wata Islamiyya a Ɗorayi. Shekara da shekaru yaranmu a zaure da rumfa suke karatu, an yi gidauniya ta watse, shugaban farko ya rasu, har wasu iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Yanzu Allah Ya kawo wani Alhaji zai gina mana ajujuwa uku, amma ɗansa da ke riƙe da kuɗin ya ce sai mun kawo jadawalin Gantt, a nuna wane aiki ke jiran wane, a ja kiritikal fat da ja. Ni malamin makaranta ne, ban taɓa gina ko akurkin kaji ba. Na zauna da birkila da kafinta suka ba ni kwanaki, na jera a Excel ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni kwana 134. Za mu fara farkon Yuni, ana son yara su shiga tsakiyar Satumba, kwanakin aiki 90 ke nan. Barci ya ƙaurace mini. Mene ne abin yi?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka ba mu kwanakin kowane aiki ba. Kuma bene ne ko ƙasa? An samu takardar izinin gini daga KNUPDA?

Sakataren Kwamiti: Ƙasa ne, rufin kwano. Takarda shugaba ya ce in bar masa. Ga su: shara da awo 3, haƙa 5, kankaren tushe da bulo zuwa saman ƙasa 8, ciko da jaman fulo 6, bulo zuwa linta 12, linta da bulon sama 7, rufi 10, bututun wayarin 4, ƙera ƙofofi da tagogi 20, kafa su 2, fulasta 12, jiran bushewa 14, fenti 6, bencina 25.

Injiniya Bashir: To kwantar da hankalinka, 134 ɗin nan ba tsawon aikinka ba ne. Ka tara komai ne kamar mutum ɗaya zai yi shi da hannunsa. Kafintan da ke ƙera benci a shagonsa ba ya jiran birkila, ko gobe aka ba shi kuɗin katako zai je Na'ibawa ya saya ya fara. Tambaya ɗaya za ka riƙa yi wa kowane aiki: me zai hana a fara shi yau da safe? Amsar ita ce abin da yake jira.

Ɗauki waɗanda dole su bi juna. Shara ta ƙare rana ta 3, haƙa ta 8, tushe ta 16, jaman fulo ta 22, bulo ta 34, linta ta 41, rufi ta 51, fulasta ta 63, bushewa ta 77, fenti ta 83. Wannan shi ne jan layin da ɗan Alhaji yake nema, domin duk aikin da ya makara kwana ɗaya a cikinsu, ranar gamawa ta matsa kwana ɗaya.

Sauran suna da sarari. Mai wayarin zai shiga bayan linta, rana ta 42, ya gama ta 45, fulasta kuwa sai ta 52, don haka ko ya yi latti da kwana 6 ba abin da ya taɓa. Na bakwai ne zai tsayar da birkila. Bencina kwana 25 ne a cikin 83, sararinsu kwana 58. Kwana 83 a cikin 90, kana da rarar 7. Amma ban sa tagogi ba tukuna, sai ka gaya mini yaushe mai walda zai fara.

Sakataren Kwamiti: Alhamdu lillahi, har na ji sanyi. Mai walda ya ce sai an zuba linta zai zo ya auna ramukan.

Injiniya Bashir: Abin da nake gudu ke nan. In haka ne 83 ta tashi. Ya auna bayan rana ta 41, ya yi kwana 20, ta 61 ke nan, a kafa a kwana 2, ta 63. Birkila ba zai gama fulasta ba sai firam yana jikin bango, don shi zai cike gefensa ya fitar da kusurwa. Rufi ya ƙare ta 51, kowa ya zauna kwana 12 yana kallon hanya. Fulasta da bushewa da fenti kwana 32 ne, ɗora a kan 63, ka samu 95. Ka wuce da kwana 5 tun ba a yi ruwa ko sau ɗaya ba. Kuma ka lura, jan layin ya bar rufi ya koma shagon mai walda. Ko ka ƙaro kafintoci goma su gama rufi a kwana 4, ranar gamawarka ba za ta motsa ba.

Maganinsa a ba shi girman tagogi daga zanen gini tun makon farko, ya ƙera, birkila ya bar rami daidai da abin da aka ƙera.

Sani Birkila: Injiniya, da girmanka, a takarda ne wannan yake tafiya sumul. Na ga inda aka ƙera taga goma sha biyu daga zane, aka zo kafawa wasu suka ƙi shiga, sai da muka sassare bulo da kurfi, wasu kuma aka cusa ɓaraguzai a gefe. Bulon kasuwa ma ba girmansa ɗaya ba. Ni dai a auna rami shi ne kwanciyar hankali.

Injiniya Bashir: Malam Sani, wannan laifin wanda ya jera bulo ba tare da ma'auni ba ne. Kafinta ya buga firam na katako daidai girman taga, da ɗan sarari kaɗan, a riƙa sa shi a kowane rami ana jera bulo. Aikin rabin yini ne.

Sani Birkila: Kullum laifin birkila ne ai.

Maman Khalifa: Ni duk wannan lissafin kwanaki bai dame ni ba. Malam Sakatare, kuɗin a hannun wa yake? Mu a unguwarmu haka aka yi jadawali mai kala-kala aka manna a ofis, aka kai linta, mai bayarwa ya yi tafiya, ma'aji ya ce sai ya dawo. Damina biyu ginin yana shan ruwa, awaki suka mayar da shi gida. Har yau ba wanda ya yi mana bayanin buhunan simintin da suka daskare a sito, ni da na yi magana a taro aka ce mata ba su san gini ba.

Injiniya Bashir: Hajiya ta faɗi gaskiya a nan. In kashi-kashi za a saki kuɗi, kowane kashi ya samu layinsa a jadawali. Rufi ba linta kaɗai yake jira ba, yana jiran kuɗin kwano da katako su iso kafin rana ta 41.

Sakataren Kwamiti: Hajiya, Alhajin nan mutumin kirki ne, ba zan sa layin da zai nuna kamar muna tuhumarsa ba. Batun mai walda kuma, Injiniya, surukin shugaba ne, sauƙi ya yi mana sosai, kuma ya ce shi ba ya aiki da zane. Ba za a iya rage kwanakin bushewa ba? In na mayar da 14 ta koma 7, na samu 88.

Abba na Zoo Road: Baba Sakatare, kafin ka rage komai ka gyara Excel ɗin, da alama da hannu kake rubuta ranaku. Sa ranar farawa a C, kwanaki a D, ranar gamawa a E. In rufi yana layi na 8, bututu na 9, kafa tagogi na 11, fulasta na 12, rubuta waɗannan a C12 da E12:

```
=WORKDAY.INTL(MAX(E8,E9,E11),1,11)
=WORKDAY.INTL(C12,D12-1,11)
```

MAX zai ɗauki wanda ya fi makara a cikin ukun, 11 ta ƙarshe kuma tana tsallake Lahadi. Don gane jan layi, ƙara wa aiki kwana ɗaya ka duba ranar ƙarshe, in ta motsa ka shafa masa ja. Da wannan an gama, ba ka buƙatar komai.

Baban Amira: Lahadi kuma? Leburorinmu suna aiki ranar Lahadi, Juma'a ce suke tashi da hantsi. Ni ma tambaya gare ni, nawa buhun siminti yake yanzu a Ƙofar Ruwa? Katangata ta faɗi tun bara.

Abba na Zoo Road: In Juma'a ce hutu a sa 16 a madadin 11. Rabin yini kam wannan dabarar ba ta san shi ba.

Sani Birkila: Malam Sakatare, kada ka taɓa 14 ɗin nan. Ni na ba da irinta da rani ma ina ɗari-ɗari. Lissafa ka gani, fulastarka a watan Agusta za ta faɗo, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a Kano, bango ba ya shan iska. Ka shafa fenti a kan danshi, kafin hutun zango ya kumbura yana ɓarewa, farin gishiri ya fito ta ƙasa. Alamar bushewa ita ce bangon ya yi fari bai ɗaya, ba tabo mai duhu, ka dafa ba sanyi. Takarda ba ta busar da bango.

Injiniya Bashir: A nan ni da Malam Sani bakinmu ɗaya. Lambar da ka rage a Excel ba ta rage komai a fili ba. Kuma ban yarda da Abba cewa an gama ba: kwanakin nan duk na ranar da ba ruwa ne. Ramin tushe ya cika da ruwa sai an kwashe, tifar ciko ta maƙale a lungun Ɗorayi, ga ranakun hutu. Ka sa layi guda na kwanakin ruwa kafin ranar buɗewa, a fili, kowa ya gani, kada ka ɓoye su cikin kowane aiki don masu aiki za su cinye.

In surukin shugaba ba zai taɓu ba, hanya biyu ta rage. Ko ya zo ya auna da zarar bulo ya kai linta, rana ta 34, tunda faɗi da tsayin rami sun riga sun fito. Ya gama ta 54, a kafa ta 56, jimla 88, rarar kwana 2 kacal a cikin damina. Ko kuma yara su shiga bayan fulasta, rana ta 75, a yi fenti a hutun Disamba lokacin hunturu, bango ya bushe ƙayau.

Maman Khalifa: Fentin da aka ce sai hutu, ni ban taɓa ganin an dawo an yi shi ba.

Sakataren Kwamiti: Injiniya, ba za mu kira Alhaji buɗe gini ba fenti ba, da mai unguwa da masu ɗaukar hoto. Kuma mai walda ya ce linta, ban isa in ce masa 34 ba, ni sakatare ne kawai. Ina ganin zan kai na 83 ɗin, tunda shi ya shiga cikin 90, sauran Allah Zai kawo sauƙi.

Injiniya Bashir: Na 83 ya dogara ne a kan mai walda ya fara daga zane, kai kuma ka ce ba zai yi ba. Ɗan Alhaji in ya san abin da ya nema, layin tagogi zai fara dubawa.

Sakataren Kwamiti: Zan yi magana da shugaba bayan Isha'i. Abba, na sa abin da ka rubuta, E12 tana nuna mini wata lamba mai tsawo ba kwanan wata ba.

Baban Amira: Har yanzu ba wanda ya faɗa mini kuɗin siminti.