Sarƙa zan saya ko gundarin gwal, don ajiya?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗan tara kuɗi, ina tsoron su narke a hannuna, shi ne nake son mayar da su gwal. Na ga wata sarƙa mai duwatsu, giram 20, karat 21, ta shiga raina. In saya in ajiye? Wataƙila nan da shekara in buƙaci kuɗin.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Anti. Ki saya kawai, gwal ai ba ya faɗuwa.

Tsohon Maƙeri: Yaro, yana faɗuwa. A 2011 oza ɗaya ta kai wajen dala 1,900 a kasuwar duniya, zuwa ƙarshen 2015 ta dawo ƙasa da 1,100. Wanda lalura ta kama a tsakanin nan ya ji a jikinsa.

'Yata, bari mu yi lissafin sarƙar taki tun ba ki biya ba. Ranar saye da duwatsun za a ɗora ta a sikeli, ranar sayarwa kuwa cire su za a yi, don mai saye narkarwa zai yi, dutse ba ya narkewa ya zama gwal. A ce duwatsun giram 2 ne, saura 18. Karat 21 kuma ba zalla ba ne, kashi 875 cikin 1,000 ne gwal, sauran jan ƙarfe ne da azurfa da ake haɗawa don ya yi ƙwari. Kin ga zallan gwal ɗin da ke wuyanki giram 15.75 ne. Sannan ga kuɗin aiki, wanda ba mai mayar miki da ko kaɗan daga cikinsa.

Uwar Biyu: Ikon Allah. To Baba, sai ya tashi da nawa kafin in mayar da kuɗina?

Tsohon Maƙeri: Misali kawai zan ba ki, ko ba duwatsu. Kin sayi gwal na 100, kin biya 15 na aiki, 115 ke nan. Mai saye kuma sai ya rage ribarsa, a ce ya ba ki 95. Sai farashi ya hau da fiye da kashi 20 cikin 100 kafin ki dawo inda kika tashi. A shekara ɗaya wannan caca ce. In ajiya kike nufi, ki nemi ɗan curi ko sulalla mai hatimin 999, aikinsa kaɗan ne. Shi ma kada ki ɗauki 'yan giram ɗaiɗai, don iya ƙanƙantarsa iya tsadar kowane giram.

Hajiya Babba: Malam ya yi gaskiya, amma ni ban yarda a dunƙule kuɗi wuri guda ba. Na taɓa yin curi ɗaya babba, rashin lafiya ta taso, kwatansa nake buƙata, dole na sayar da shi duka. Yanzu awarwaro nake saye marasa ado, karat 22, in matsala ta zo in zare ɗaya. Kuma ƙanwata, ki riƙe rasit kamar ranki, a rubuta nauyi da karat a jiki. Wani shago ya taɓa ce min zobena 18 ne alhali 875 ke rubuce a cikinsa, na fita na shiga na gaba aka gwada aka ce 21 ne. Tun ranar ba na sayarwa sai na ji bakin mutum uku, kuma a auna ina kallon sikelin.

Ɗan Auta: Gane jabu kam da sauƙi, ki kanga masa maganaɗisu, in bai kama ba na gaske ne.

Tsohon Maƙeri: Rabi ka faɗa. In ya kama, jabu ne ko an cusa ƙarfe, sai dai maƙullin sarƙa da kan ɗan motsa saboda sifirin da ke ciki. In bai kama ba, ba ka san komai ba tukuna, tagulla da aka yi wa ruwan gwal ita ma ba ta kamawa. Goga shi a dutse a ɗiga asid ya fi, amma shi ma fatar waje yake faɗa. Abu mai kauri, wani mai saye sai ya ɗan karta ko ya yanka kafin ya biya, kada ki ɗauka wulaƙanci ne.

Mai Agogo: Ni dai agoguna nake ajiyewa, sun fi gwal kyau a hannu.

Hajiya Babba: Kai ka san su shi ya sa. Ita ranar da ta matsu wa zai saya? Gwal ana auna shi a biya nan take, agogo sai an jira mai so.

Uwar Biyu: Na haƙura da mai duwatsun. Saura wurin ajiya: gida ko akwatin banki?

Hajiya Babba: Gida, kuma mutum ɗaya tak ya sani bayan ke, saboda halin rai.

Tsohon Maƙeri: A nan mun saɓa, Hajiya. Na ga waɗanda aka yashe a dare ɗaya. Akwatin kuwa kuɗin haya yake ci duk shekara, gwal kuma ba ya haihuwa balle ya biya wa kansa, sannan ki tambaya ko akwai inshora a kan abin da ke ciki, don sau da yawa babu. Giram nawa ne dai kuɗin naki za su saya, 'yata? Faɗa min tukuna.