Gyaran titin bayan kasuwa a Agege: abin da aka tsayar a zama da mazauna unguwa

Ofishin kansila ya zauna da injiniya da 'yan kasuwa da direbobi, ga abin da aka cimma.

Za a fara da kwalbati, titi ya biyo baya. Mutane da dama sun so a fara cike ramuka, amma injiniya ya bayyana cewa ruwan da ke kwanciya shi ke ratsa ƙasa ya sassauta ta, kwaltar da ke sama ta tsage. In kun ga tsaga kamar fatar kada, ƙasan ne ya lalace, faci ba zai kai ƙarshen damina ba. Muna ganin gaskiyarsa.

Makon farko za a yashe magudanar ruwa, a zuba siminti inda ta rushe. Simintin na buƙatar kwana 7 ana yayyafa masa ruwa, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, don haka kada tirela ko tifa ta hau murfin kwalbati kafin nan.

Daga nan a kankare tsohuwar kwalta, a shimfiɗa jar ƙasa da tsakuwa kauri santimita 15, rola ta danne. Ba a zuba kwalta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, in an yi ruwa ranar aiki za ta matsa gaba.

Rabin titi za a riƙa rufewa. Masu tireda su ja baya mita 2, kuma don Allah a daina zubar da baƙin mai a titi, yana narkar da kwalta. Wanda bututun ruwansa ya ratsa titin ya sanar da ofis kafin a fara haƙa.