ADX ya kwanta ƙasa da 20: a jira ko a shiga?

Nura: Salamu alaikum 'yan uwa. A cinikin yuro da dala, EUR/USD, a H4 mai kyandir na awa huɗu-huɗu, ma'aunin ADX ya daɗe yana yawo tsakanin 13 da 17, layin ƙarfin hawa +DI da na ƙarfin sauka -DI sai sarƙewa suke. Yanzu +DI ya haura. In saya?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Ka dakata, ƙanena. Idan ADX na ƙasa da 20, farashi kai-komo kawai yake tsakanin iyaka biyu. Ketarewar layukan a irin wannan hali ba ta da nauyi: ka saya, bayan kyandir uku -DI ya koma sama, ka sayar, ya sake juyawa. Haka kuɗi ke zurarewa kaɗan-kaɗan.

Bashir: Ai ADX ƙasa na nufin kasuwa faɗuwa take. Sayarwa ya kamata.

Malam Isa: A'a Bashir, ADX ba ruwansa da alƙibla, ƙarfin tafiya yake aunawa. Farashi na iya rugujewa ADX na kan 45. Ga tushensa:

```
DX = 100 × |(+DI) − (−DI)| ÷ ((+DI) + (−DI))
```

In +DI na 21, -DI na 18, DX bai kai 8 ba. In sun buɗe zuwa 30 da 12, DX ya kusa 43. Amma ADX a saitin 14, wanda Welles Wilder ya fitar a 1978, yana ninka tsohuwar ƙimarsa sau 13, ya ƙara sabon DX, ya raba da 14. Daga 15 ke nan zai koma 17 kacal. Ko DX ya tsaya a 43, sai kyandir shida kafin ADX ya taɓa 25, matakin da ake ɗauka tafiya ta yi ƙarfi. A H4 awa 24 ne, farashi ya riga ya yi nisa.

Nura: To Malam, in na jira 25 na makara ke nan?

Malam Isa: Sau da yawa, eh. Ja layi a saman kewayen da ƙasansa. Jira kyandir ya rufe a waje, tazarar DI na buɗewa, ADX na hawa kyandir biyu ko uku a jere. Hawan ya fi lambar amfani.

Bashir: Kuma kwanciya mai tsawo na jawo babbar ɓallewa.

Hajiya Rabi: Wani lokaci. Ba ta faɗin yaushe, ba ta faɗin ina. Zai iya ƙara makonni a kwance. Ni dai na fi yarda a bari ya haye 20 tukuna, ɓallewar ƙarya ta yi yawa.

Malam Isa: Nan muka bambanta, Hajiya. Nura, a manhajar MT5 kake? Zaɓi ADX Wilder. Ɗayan ADX ɗin lissafinsa daban ne, lambobinmu ba za su zo ɗaya ba.