Sunan shafina ya yi kama da na wata mai turare

Jama'a, a taimaka min da shawara. Ina sayar da humra da turaren wuta a Instagram, ashe akwai wata babbar 'yar kasuwa mai irin sunan shafina, bambancinmu alamar _ kawai. Kwastomominta suna turo min shaidar biyan kuɗi suna neman kayansu, har wata ta ce min 'yar damfara. Na ƙara official a ƙarshe, abin ya ƙara muni, sai ka ce ni ce ainihin ita. Ina son canzawa gaba ɗaya, amma tsohon sunan yana jikin kwalabena da ledojina. In na sake shi, wani ba zai ɗauka ya cuci masu nemana ba? Yaya zan yi?