Principal ko principle: kalmomin Turanci masu kama da juna da suka taɓa ba mu wahala a takardun aiki

Malamar Sakandare, Gusau

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A shekarar da na nemi aikin koyarwa na rubuta takardar neman aiki da hannuna, na kai shagon buga takardu aka buga mini ita, na karanta ta sau uku ban ga komai ba, sannan na kai ofishin makarantar. Magatakardan da ke karɓar takardu, wani dattijo mai natsuwa, ya duba saman takardar kawai, ya ɗauki jan biro ya zagaye kalma ɗaya, ya ce mini, “'Yata, koma ki gyara wannan kafin ta isa teburin wanda kika rubuta wa.” Abin da na rubuta shi ne “The Principle”, alhali shugaban makaranta “The Principal” ne. Abin da ya fi damuna shi ne kwamfutar da aka buga takardar ba ta ja layi a ƙarƙashin kalmar ba, kuma ni na dogara da ita. Ina roƙon duk wanda irin wannan ya taɓa faruwa da shi ya ba mu labarinsa, ya kuma faɗa mana hanyar da ya bi har ya daina rikita kalmomin.

Magatakarda, Katsina

Wa'alaikumus salam, Malama. Wannan kuskuren yana wucewa ta teburina kusan kowane mako, kuma daga masu takardun ilimi manya. Ni dabarar da aka koya mana tun muna aji uku mai sauƙi ce: principal mutum ne, principle kuwa abu ne. Ƙarshen ta farko “pal” ne, wato aboki a Turanci, saboda haka sai ki riƙe cewa shugaban makaranta abokinki ne. Tun daga lokacin ban sake kuskure ba a kan adireshin wasiƙa.

Tsohon Malamin Turanci, Zariya

Malam Magatakarda, dabarar taka tana aiki a saman wasiƙa, amma idan aka shiga cikin jikin rubutu za ta iya kai mutum ta baro shi, kuma ni na ga inda ta yi hakan. Wani ɗalibina ya riƙe wannan ƙa'ida ta “mutum da abu” da hannu bibbiyu, sai ya rubuta a jarrabawa cewa “The principle cause of the flood was blocked drainage.” Da na tambaye shi dalili, ya ce ai sanadin ambaliya ba mutum ba ne, don haka ba zai sa principal ba. Hujjarsa ta bi abin da aka koya masa, abin da aka koya masa ne bai cika ba.

Ga yadda lamarin yake. Principal tana aiki biyu. Tana zama suna, kamar shugaban makaranta, tana kuma zama sifa mai ma'anar babba ko mafi muhimmanci, kuma a matsayin sifa tana iya siffanta mutum ko abin da ba mutum ba. Shi ya sa ake cewa “Principal Lecturer” a kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, ake kuma cewa “the principal reason” ko “the principal cause”. Principle kuwa suna ce kawai, ba ta taɓa zama sifa, kuma ma'anarta ƙa'ida ko aƙida ko tushen da aka gina wani ilimi a kansa, kamar a “the principles of accounting” ko “a man of principle”, wato mutumin da ke da aƙidar da ba ya saɓa mata.

Gwajin da nake ba ɗalibaina shi ne na musanya. A cire kalmar da ake shakka a kanta, a sa “main” a wurinta, sannan a sake cirewa a sa “rule”. Idan “main” ce ta zauna daidai, principal ake nufi. Idan “rule” ce ta zauna, principle ake nufi, kuma ga sauƙi, “rule” da principle duk da “le” suka ƙare. A jimlar ɗalibin nan, “the main cause of the flood” ta zauna lafiya, “the rule cause” kuwa ba magana ba ce, nan take sai ya ga amsar da idonsa. Dalilin da ya sa suke kama da juna shi ne asalinsu ɗaya ne, domin dukkansu sun gangaro daga kalmar Latin “princeps” mai ma'anar na farko. Ɗaya ta riƙe ma'anar na farko a daraja, ɗayar ta riƙe ma'anar abin da aka faro daga gare shi.

Game da kwamfuta, Malama, ba laifinta ba ne kacokan. Aikin mai duba rubutun nan na yau da kullum shi ne ya ga ko kalma tana cikin ƙamus, kuma dukkan kalmomin biyu suna ciki. Mu ma muna da irin wannan a Hausa, domin “gari” na zama da “gari” na tuwo rubutunsu ɗaya ne, jimla ce ke nuna wanda ake nufi.

Akawun Ƙungiyar Adashe, Kano

Malam, Allah ya ƙara sani. Ni tawa ta faru ne a rahoton kuɗi na ƙarshen shekara, inda na rubuta “repayment of principle”, mai binciken asusunmu ya dawo mini da shafin. Gwajinka na “main” da “rule” ma da farko bai taimake ni ba, saboda kuɗin ba ƙa'ida ba ne, kuma “repayment of main” ba ta yi daɗin ji ba. Sai daga baya na fahimci cewa principal a harkar kuɗi tana nufin uwar kuɗi, wato ainihin abin da aka ranta, kamar a ce “principal sum” aka gajarta. Ashe ma mun haɗu da ita tun a darasin lissafi ba mu lura ba, domin harafin P a wannan lissafin ita yake wakilta:

```
I = PRT/100
```

Idan uwar kuɗin naira 200,000 ce, a kan kashi 5 cikin ɗari na tsawon shekara 2, kuɗin ruwan naira 20,000 ne, ita kuma 200,000 ɗin ita ce principal. To a nan ga suna, ba mutum ba ne, amma da “pal” ya ƙare.

Ɗalibi a Maraɗi

Gaisuwa ga malamai. Mu da muka yi karatu da Faransanci muna da wani sauƙi da kuma wata matsala. Sauƙin shi ne a Faransanci kalmomin ba sa kama da juna a kunne, domin ɗaya “principal” ce, ɗayar kuma “principe”, saboda haka nakan mayar da jimlar cikin Faransanci a zuciyata in ji wadda ta dace. Matsalar ita ce da na fara rubuta Turanci sai na riƙa mantawa da harafin “l”, ina rubuta “principe” a takardun Turanci, malaminmu yana ta gyara mini har tsawon zangon karatu guda. A Turancin Turawa, kamar yadda ya nuna mana, lafazin kalmomin biyu ɗaya ne, shi ya sa su ma masu harshen suke yin kuskuren.

Mai Shagon Littattafai, Bauci

Ni kuskurena ya fi na kowa tsada, domin a allon shago aka yi shi. Na ba mai fenti aiki ya rubuta “Books and Stationary” da manyan haruffa, allon ya yi wata huɗu a rataye kafin wata lauya da ta zo sayen ambulan ta ja ni gefe ta ce, “Alhaji, allonka yana cewa littattafai da abin da ke tsaye ba ya motsi.” Ta bayyana mini cewa stationary mai “a” ita ce abin da ke tsaye wuri ɗaya, kamar a “The lorry hit a stationary car”, wato babbar mota ta bugi ƙaramar mota da ke tsaye, kayan rubutu kuwa stationery ne mai “e”. Ta ɗaga ambulan ɗin da ke hannunta ta ce in tuna da “e” na “envelope”. Washegari na kira mai fentin, na sake biyansa kuɗin gyaran harafi ɗaya.

Wani ɗan'uwa daga Jos

Ni kuma abin da ke ba ni wahala shi ne “borrow” da “lend”. Kullum sai in ce “borrow me your pen”, a ce mini ba haka ake faɗa ba.

Tsohon Malamin Turanci, Zariya

Ɗan'uwa, taka matsalar daban ce, domin waɗannan ba su kama da juna a rubutu ko a lafazi. Hausa ce ke binka cikin Turanci, tunda mu da fi'ili ɗaya muke cewa “ara mini” da “na ari”. Mai bayarwa shi ke “lend”, mai karɓa shi ke “borrow”, saboda haka “lend me your pen” za ka ce.

Ma'aikaciyar Jinya, Sakkwato

Malam, ina da wata da har yanzu ban samu natsuwa a kanta ba. An koya mana cewa advice suna ce, advise kuma fi'ili, kuma wannan ba ta ba ni wahala saboda kunne yana jin bambancin, ta farko da sautin “s” take ƙarewa, ta biyu da sautin “z”. Sai na rubuta a takardar neman ƙarin karatu cewa “I wish to practise as a midwife”, bisa wannan tsarin na “c” ga suna, “s” ga fi'ili. Kwamfutar ofis ta ja jan layi a ƙarƙashin practise, na bi ta na mayar da ita practice, shugabar sashenmu kuma ta karanta ta mayar da ita practise da biro. Na rasa wanda zan bi.

Tsohon Malamin Turanci, Zariya

Malama, abin da kika fara rubutawa daidai ne a rubutun Birtaniya, wanda shi makarantunmu suka gada. A can practice suna ce, practise fi'ili, haka ma licence da license. Amurkawa kuwa practice suke rubutawa a duka wuraren biyu, license ma a duka biyun, kuma alamu sun nuna an saita kwamfutar ofishinku a kan Turancin Amurka ne. Ki duba wurin zaɓen harshe ki mayar da shi English (United Kingdom), layin zai ɓace. Tunda practice da practise lafazinsu ɗaya ne, sai ki aro advice da advise ki gwada da su: “I wish to advise” za ki ce, ba “I wish to advice” ba, to wurin na fi'ili ne, mai “s” za ki sa.

Ma'aikaciyar Jinya, Sakkwato

Na gode, Malam, na canza harshen kuma layin ya tafi. Sai dai makarantar da nake nema ta biyu a Amurka take, kuma takarda ɗaya na shirya wa duka biyun. Shugabarmu ta ce in bar ta yadda take, ai za su gane daga inda na fito, wata abokiyar aikina kuma ta ce in yi kwafi biyu, kowace da nata rubutun. Ranar Litinin ce ranar ƙarshe ta turawa, kuma har yanzu kwafi ɗaya ne a hannuna.